Ezimar Hannu: Cutar Masu Aiki da Ruwa da Sabulu

Ezimar hannu kumburi ne na fata da ke zuwa da bushewa, ƙaiƙayi, kaushi da tsagewa, wani lokaci har da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, saboda haka ba a ɗaukar ta a wurin gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin 10 na fama da ita a cikin shekara, amma rabon ba daidai yake ba. Ta fi kama waɗanda sana'arsu ba ta barin hannunsu ya bushe, kuma a sahun gaba akwai ma'aikatan jinya, masu shara da goge-goge, da masu gyaran gashi. Cutar tsohuwa ce: tun a shekarar 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini, a littafinsa kan cututtukan masu sana'a, ya ambaci yadda hannuwan mata masu wankau ke tsattsagewa saboda ruwan tokar da suke wanki da shi.

Yadda ruwa ke busar da fata

Saman fatar ɗan Adam wani siririn shimfiɗi ne na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera bisa juna, kuma wani irin maiƙo da jiki ke yi da kansa ya cike tsakaninsu. Tsarin kamar katangar tubali ne: ƙwayoyin su ne tubalan, maiƙon shi ne laka mai riƙe su. Wannan shimfiɗi ne ke hana ruwan jiki tsirarewa waje, ya kuma hana abin waje kutsawa ciki.

Aikin sabulu shi ne narkar da maiƙo, kuma ba ya bambance maiƙon miya da maiƙon fata. Duk wanki ɗaya yana tafiya da ɗan wani abu daga cikinsa. Ruwan ma, ko babu sabulu, yana da tasa ɓarnar. Idan hannu ya jima a cikinsa ƙwayoyin saman fata sukan sha su kumbura, idan ya bushe su motse, kuma yawan kumbura da motsewa yana buɗe 'yan kafofin da ido ba ya gani. Ruwan zafi ya fi na sanyi saurin narkar da maiƙon. Akwai kuma batun tsami. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami, kusan 5 a ma'aunin pH, alhali sabulun gari na dunƙule yana kaiwa 9 zuwa 10, wato ɓangaren kanwa. Bayan an yi wanki da shi fata na ɗaukar sa'o'i kafin ta koma daidai, kuma a wannan tsakanin aikin gyaran da take yi wa kanta yana tafiyar hawainiya.

Fata tana iya gyara ɓarnar wanki ɗaya ko biyar ba tare da mai ita ya sani ba. Matsalar tana farawa ne idan wanki na gaba ya zo kafin a gama gyaran na baya, kullum, mako bayan mako. Shi ya sa masana lafiyar ma'aikata a Jamus suka daɗe suna aiki, har zuwa 2022, da wani ma'auni na abin da suke kira aikin jiƙa: hannu ya kasance cikin ruwa fiye da awa 2 a yini, ko a cikin safar roba na tsawon wannan lokaci, ko a wanke shi fiye da sau 20. A wancan ma'auni, wanda ya kai ɗaya daga cikin ukun yana cikin haɗari. Mai goge ɗakunan asibiti yakan cika awa 2 kafin hantsi. Su kuwa mata, waɗanda su ne mafi yawa a waɗannan sana'o'i, wanke-wanke, wankin kayan yara da girki suna jiransu a gida, kuma fata ba ta san bambancin bokitin ofis da na tsakar gida ba. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, abin yakan ninku. Wanda ya yi fama da ezimar ƙuruciya, irin mai fitowa a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, shi ya fi kowa saurin kamuwa, domin tun asali shingen fatarsa ba shi da ƙwari.

Alamun farko

Cutar ba kasafai take fara da tafin hannu ba, inda fata ke da kauri. Takan fara ne a tsakanin yatsu, a bayan hannu da kan gaɓoɓi, da kuma ƙarƙashin zobe, inda ruwan sabulu ke maƙalewa ba a ɗauraye shi ba. Da farko fatar takan yi fari-fari tana ɗaurewa bayan wanki. Sannan ƙaiƙayi da zafi su biyo baya, fatar ta yi kauri, layukanta su fito ɓaro-ɓaro, daga nan ta fara tsagewa a kan gaɓoɓi da bakin yatsu. Littattafan likitanci da yawa suna cewa wurin yakan yi ja, amma wannan a farar fata ne. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da ake gani shi ne wurin ya yi toka-toka ko ya fi kewayensa duhu. Wannan na sa a raina ciwon, a ɗauka kaushin sanyi ne kawai.

Alama mafi amfani ita ce alaƙar ciwon da aiki. Idan hannu yana sauƙi a lokacin hutu, ya dawo cikin 'yan kwanaki da komawa bakin aiki, to an kusa gano sanadin. Idan aka bar shi ya daɗe, wannan alamar ma takan ɓace, domin hutun mako guda ba ya isar fata ta farfaɗo. Likitoci suna kiran ezima mai naci idan ta wuce wata 3, ko ta dawo sau biyu ko fiye a cikin shekara.

Akwai cututtukan da ke kama da ita waɗanda maganinsu daban ne. Ƙazuwa ma tana son tsakanin yatsu, amma ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma yawanci akwai wani mai susa a gidan. Makero yakan kama hannu ɗaya kawai, sau da yawa tare da tafin ƙafafu, yana da gefe a fili. Ezimar wanki takan kama hannu biyu, ko da yake ta fi tsanani a wanda aka fi aiki da shi.

Lissafin ma'aikaciyar jinya

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara, wadda a aikin awa 8 take buƙatar tsabtace hannu sau 40: kafin ta taɓa majiyyaci, bayan ta taɓa shi, kafin allura, bayan ta cire safar hannu, da sauransu. Ba za a ce mata ta rage wannan adadi ba, domin rayukan yaran sun dogara a kansa. Abin da ake iya sauyawa shi ne hanyar tsabtacewar.

A nan ne ake yin wani kuskure da ya zama ruwan dare. Hannunta ya fara 'yar tsagewa, ta shafa sanitaiza, ta ji raɗaɗi kamar an zuba barkono. Sai ta yanke hukuncin cewa sanitaiza ce ke cin hannunta, ta daina amfani da ita, ta koma famfo da sabulu duk sau 40 ɗin. Ruwa ba ya yi mata zafi, don haka tana ganin ta samu mafita. Alhali raɗaɗin yana nuna cewa fatar ta riga ta buɗe ne, sinadarin ya isa ga jijiyoyin da ke ƙasa. Sabulun da ta koma wa shi ne ya buɗe ta tun farko, kuma yanzu ta ninka shi. Cikin 'yan makonni tsagar ta zurfafa, har ruwan ma ya fara zafi.

Jagoran tsabtar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ya bayyana cewa fata ta fi jure sanitaiza mai sinadarin alkohol a kan sabulu da ruwa. Dalilin a fili yake: ba a ɗauraye ta, saboda haka maiƙon da ta narkar yana nan a kan fata bayan ta bushe, kuma mai kyau tana ɗauke da abin laushi. Haɗin da hukumar ta ba asibitoci su riƙa yi da kansu yana da alkohol kashi 80 cikin 100 da gilisarin kashi 1.45. Ana murza ta na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta bushe, yayin da wanki mai kyau ke cin daƙiƙa 40 zuwa 60.

Sabulu yana da wuraren da babu makawa sai shi: idan ana ganin datti, jini ko wani ruwan jiki a hannu, bayan shiga bayi, da bayan kula da mai irin gudawar da ƙwayoyinta ba sa jin alkohol. A cikin sau 40 ɗin nan, mai yiwuwa 8 ko 10 ne suka faɗa wannan rukuni. Idan sauran suka koma sanitaiza, ma'aikaciyar ta sauko daga ninkin ma'aunin haɗari zuwa rabinsa, ba tare da ta rage tsabta ko kaɗan ba. Abin da ba shi da amfani shi ne haɗa biyun a jere, a wanke sannan a shafa nan take, domin alkohol a kan jiƙaƙƙiyar fata ya fi cin ta, kuma ruwan yana rage masa ƙarfi. Wannan gyara amfanin majiyyaci ne ma, saboda tsagaggiyar fata ta fi lafiyayya tara ƙwayoyin cuta, kuma mai jin zafin hannu yakan riƙa tsallake tsabtacewar.

Idan wankin ya zama dole, ruwa mai ɗumi-ɗumi ko na sanyi ya wadatar. A fara jiƙa hannu kafin a sa sabulu, a ɗauraye sosai, sannan a tsane da tawul ta hanyar dannawa maimakon gurzawa, har tsakanin yatsu. Zobe a bar shi a gida ko a aljihu.

Lokacin da alaji ya shigo

Duk abin da aka bayyana zuwa nan ɓarna ce ta kai tsaye, wadda za ta iya samun kowa idan wankin ya yi yawa. Akwai nau'i na biyu, wanda garkuwar jiki ke ɗaukar wani sinadari a matsayin abokin gaba. Shi ne alaji, kuma sau da yawa na farkon ne ke buɗe masa ƙofa, domin sinadari ya fi samun hanyar shiga ta fatar da ta tsage.

Masu gyaran gashi ne suka fi nuna wannan jeri. Yarinyar da ta shiga koyon aiki a shago yawanci wankin kai ake fara ba ta, ta yini hannunta cikin shamfu. Ga man miƙar da gashi, wanda wasu nau'o'insa ke ɗauke da soda mai ƙarfin da ke ƙona fata kai tsaye. Kafin ta cika shekara hannunta ya yi kaushi. Sai a ɗaga ta zuwa rinin gashi, ta riƙa kwaɓawa da shafawa da wannan hannun. Yawancin rini mai duhu da ba ya wankewa yana ɗauke da sinadarin da ake rubutawa PPD a jikin kwali, kuma yana cikin manyan masu haddasa alajin fata. Shi ne kuma ake zubawa a baƙin lalle don ya yi saurin kamawa ya yi baƙi wuluk, don haka masu yi wa amare ƙunshi a ƙasar Hausa da Sudan suna cikin wannan haɗari, su da amaren. Ganyen lalle na asali, mai ba da ja, da wuya ya jawo haka.

Irin wannan alaji ba ya fitowa nan take. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku bayan taɓa abin, shi ya sa mai shi ba ya saurin gane sanadin. Ƙaiƙayinsa ya fi tsanani, yakan zo da ƙuraje masu ruwa, kuma yana iya bazuwa zuwa wuyan hannu, fuska da fatar ido. Babban bambancinsa da na farko shi ne, da zarar ya kafu yawanci ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shi. Sauran masu jawo shi sun haɗa da turaren da ke cikin sabulu da man shafawa, magungunan hana kayan ruwa lalacewa, ƙarfen nikel na wasu almakasai da zobba, da sinadaran da ake sarrafa roba da su. Na ƙarshen nan yana nufin safar hannun da aka sa don kariya tana iya zama ita ce cutar; alamarsa ƙurajen su tsaya cak a wuyan hannu, daidai bakin safar.

Ana tabbatar da alaji da gwajin manne. Likitan fata yana liƙa ƙananan faifai masu ɗauke da sinadarai iri-iri a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma wani alajin dabam na robar itace, wato letes, wanda ke zuwa cikin mintuna da borin jini, atishawa, wani lokaci da sarƙewar numfashi. Hodar da ake barbaɗawa a cikin safa tana ɗaukar sinadarin ta watsa shi a iska, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta haramta safar asibiti mai hoda daga farkon 2017. Wanda numfashinsa ya taɓa sarƙewa bayan sa safa yana buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Safar hannu da ƙa'idojinta

Safa tana kare hannu daga ruwan waje, amma tana tara gumi a ciki, kuma gumin ma jiƙa ne. Saboda haka ƙa'idarta ita ce a sa ta duk lokacin da aikin ya buƙata, a cire da zarar an gama. Ba a sa ta a kan jiƙaƙƙen hannu ko wanda sanitaiza ba ta gama bushewa a kansa ba. Idan aikin zai wuce minti 10 zuwa 20, siririyar safar auduga a ciki tana shanye gumin, a canja ta idan ta jiƙe.

Mai goge-goge yana buƙatar safa mai kauri, mai dogon wuya, domin siririyar safar asibiti tana yagewa a wurin matse tsumma, ruwan bilic ko omo ya shiga ya kwanta a kan fata. Hujajjiyar safa ta fi rashin safa illa. Ana gane huda ta hanyar cika ta da ruwa a matsa. Idan za a goge abu a sama, a naɗe bakinta waje don ya tare ruwan da ke gangarowa. Bayan aiki a ɗauraye ta tun tana hannu, a juya cikinta a shanya. Mofa mai abin matsewa tana rage taɓa ruwa ƙwarai, kuma ƙara maganin wanki fiye da yadda aka rubuta a jikin kwalba hannu kawai yake ƙara ci.

Ga mai gyaran gashi, safar naitiril ta fi ta letes da ta leda tare sinadaran rini, kuma ana son mai tsawon kusan santimita 30. A sa ta wurin wankin kai, kwaɓa rini, shafawa da ɗaurayewa. Ta amfani ɗaya ce. Juya ta a sake sawa don tsimi yana ɗora rinin kai tsaye a kan fata. Akwai kuma dabara mai sauƙi: a yi aski ko datsa gashi kafin rini, domin gashin da aka rina yanzu-yanzu yana sakin sinadari a yatsun mai riƙe shi.

Mai da magani

Maiƙon da sabulu ya kwashe sai an mayar da shi daga waje. Loshan mai ruwa-ruwa da ƙamshi ba ya yin wannan aiki sosai, turarensa ma yana iya zama sabon alaji. Wanda ake so shi ne mai kauri marar ƙamshi, kuma farin basilin da man kaɗanya mai tsabta suna cikin mafi arha da ke biyan buƙata. A wurin aiki ana shafa kirim marar nauyi a lokacin hutu da bayan tashi, a bar mai kaurin sai dare, a cika hannu da shi har tsakanin yatsu da gefen farce, a sa safar auduga a kwanta. Kada a shafa basilin ko wani mai dab da sa safar letes, domin mai yana lalata wannan robar.

Idan fata ta riga ta kumbura tana ƙaiƙayi, mai kaɗai ba zai isa ba. Maganin farko shi ne man shafawa mai sinadarin sitiroyid, wanda likita zai zaɓi ƙarfinsa, yawanci sau ɗaya a rana na 'yan makonni. Ana auna shi da yatsa: abin da aka matso daga bakin manuniya zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, ya isa hannu ɗaya ciki da baya. Ana kuskure ta fuska biyu. Wasu suna tsoronsa, su shafa kwana biyu su bari, ciwon ya dawo. Wasu kuma suna sayen kirim mai haɗin magani uku a kemis su yi ta shafawa wata da watanni, fatar ta yi siriri, ta ƙara saurin tsagewa. Idan aka ga mugunya, ɓawo mai ruwan zuma, kumburi mai zafi ko zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, kuma ana buƙatar magani dabam. Ma'aikacin jinya mai irin wannan hannu bai kamata ya taɓa majiyyata ba sai an duba shi.

Fatar da ta yi kama da ta warke ba ta gama warkewa ba. Shingen nata yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya koma ƙarfinsa, don haka shafa mai da rage jiƙa suna ci gaba bayan an ajiye magani. Duhun da ciwon ke bari a baƙar fata yakan gushe a hankali da kansa, kuma man bilicin ƙara lalata wurin yake yi.

Ezimar da ta ƙi jin magani bayan wata 3 ana kiyaye waɗannan ƙa'idoji ita ce ta cancanci gwajin manne. Idan ta tsananta akwai wasu hanyoyin a hannun likitan fata, kamar gashin haske na musamman da ƙwayar alitiretinoyin, wadda ba a ba mai ciki ko mai shirin ɗauka saboda tana nakasa ɗan tayi. Ga yawancin masu ezimar wanki, sauyin tsarin aiki ya isa: a raba wankin kai tsakanin ma'aikatan shago maimakon a jibga wa 'yar koyo, a mayar da ma'aikacin jinya aikin da ba na jiƙa ba na ɗan lokaci, a samar da safa mai girman da ya dace da kowane hannu. Wanda gwaji ya nuna yana da alajin sinadaran roba yana iya ci gaba da aikinsa da safar da aka yi ba tare da su ba. Mai alajin PPD kuwa sai ya bar wa wani kwaɓa rini da baƙin lalle, ko ya yi su da sabuwar safar naitiril kowane karo, ya kuma daina rina nasa gashin da irin wannan rini.